Akwati a gurbin ƙ, ɗ da ɓ: laifin waya ne ko na mai turawa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin waya. Ni ke tura wa iyayen yara tes daga Islamiyyarmu ta Gwale. Wannan makon na tura sanarwa kamar haka: "Salam. Ana gayyatar iyayen yara taro ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a makaranta. A zo da kuɗin jarrabawa. Za mu yi baƙi daga Ɗorayi, kada a makara." Wasu iyayen sun ce lafiya lau ya zo musu. Wani dattijo kuma ya kawo mini ƙaramar wayarsa mai madannai, sai na ga "□arfe hu□u" da "ku□in jarrabawa". Na biyu kuma, kuɗin da aka cire mini ya ninka na kullum har sau uku. Me ya haɗa wannan da wancan?

Mubarak: Wa alaikumus salam Malam. Ai mai sauƙi ne. Ku ce su sauke Gboard su zaɓi Hausa, duk haruffan nan suna ciki. Ni da shi nake rubutu, ga su nan: ɓ ɗ ƙ.

Auwalu Fam Santa: Mubarak, ka karanta tambayar kuwa? Wayar da ko intanet ba ta hawa, ina za ta sauke Gboard? Malam Nasiru, irin wannan kullum ana kawo mana shago. Manhajar wayar ce ta tsufa. In babbar waya ce a yi mata filashin, in ƙarama ce sai haƙuri.

Bashir: Salam. Auwalu ya kusa, amma filashin ba ya gyara wannan, domin manhajar da ka goge ita za ka sake zubawa, da font ɗinta, wato kundin zanen haruffanta, da komai. Kibod kuma aikinsa rubutawa ne kawai, ba shi ke nuna harafi a fuskar waya ba. Za ka iya sa Gboard a tsohuwar Android ka danna ƙ, kai da kanka ka ga akwati, wanda ka tura wa kuma ya ga ƙ sarai.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da Malam ya tura ƙ, ba hoton harafin ne ya tafi ba, lamba ce. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa, ta ƙ ita ce U+0199. Wayar dattijon nan ta karɓi lambar daidai, ba abin da ya zube a hanya. Sai ta je font ɗin da aka zuba mata a masana'anta ta nemi zanen da ke kan wannan lamba, ta tarar babu. Kamar a turo yaro Kantin Kwari da lambar atamfa ne a takarda, lambar daidai take, mai shagon ne bai saro ta ba. Akwatin nan shi ne abin da font ke nunawa idan aka nemi harafin da ba shi da shi.

Malam Nasiru: To Malam Bashir, ta yaya zan tabbatar cewa saƙon ya isa daidai, ba a hanya ya lalace ba?

Bashir: Ku karɓi wayar dattijon, ku tura wannan tes ɗin mai akwatuna daga cikinta zuwa wayarku, ba tare da kun gyara komai ba. In ya dawo muku da ƙ da ɗ a wurarensu, magana ta ƙare, font ne. Sai dai wasu ƙananan wayoyin suna sauya harafin da ba su sani ba a lokacin turawa, don haka in ya dawo da alamar tambaya kada ku yanke hukunci nan take. Hanya ta biyu, in tes ɗin a kan layin ya sauka ba a cikin wayar ba, a cire layin a sa a wata waya a buɗe.

Hajiya Binta: Ni ma abin da ya same ni ke nan a bikin 'yata. Na ba yaro sunayen mutane ya tura gayyata ta kwamfuta, aka yi ta kirana wai ina ne "?ofar Na'isa". Har wata ƙawata ta ce ta zaci tambayarta nake yi.

Bashir: Hajiya, naku daban ne da na Malam, kuma ya fi muni. Ku tuna, wayoyin manyan ƙawayenku ma alamar tambayar suka gani, ko ba haka ba?

Hajiya Binta: Ƙwarai kuwa. Har wadda ta zo da sabuwar waya daga Umara.

Bashir: To kun gani. Idan kowa ya ga alamar tambaya, sabuwar waya da tsohuwa, harafin ya mutu tun kafin ya bar wurin mai turawa. Shafukan da ake tura tes da yawa a lokaci guda suna ba ka zaɓi, ko rubutu na gama-gari ko Unicode. Yaron ya bar shi a na gama-gari, wanda ba shi da gurbin Ƙ, sai na'urar ta jefar da shi ta sa alamar tambaya. Wannan ko an tura shi wace waya ba zai dawo ba. Akwati kuwa harafin yana nan da ransa, ganinsa ne ba a yi.

Akwai na uku, wanda masu buɗe tsofaffin takardu a kwamfuta suka sani. Za ka ga ƙasa ta koma `Æ™asa`, ɗaya ta koma `É—aya`. Nan kuma an ajiye rubutun ne da UTF-8, inda ƙ ke cin gurbi biyu, sai aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows da ke ɗaukar kowane gurbi a matsayin harafi guda. Shi ya sa harafi ɗaya ke haihuwar biyu. Ana gyara shi da sake buɗe takardar a zaɓi UTF-8.

Ɗan Kurmi: Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Tun zamanin da ake danna lamba 5 sau biyu kafin a sami k muke rubuta kudi da karfe, ba wanda ya taɓa kai mana ƙarfe a madadin kuɗi. Bahaushe ya san abin da ake nufi.

Baba Garba: Ɗan Kurmi, karanta mini wannan: "Ya bata kudin marayu."

Ɗan Kurmi: Ya ba ta kuɗin marayu mana, Baba.

Baba Garba: Ni kuwa cewa na yi ya ɓata kuɗin marayu. Da wannan tes ɗin za a iya yaba wa mutum, da shi za a iya kai shi kotu. Shekaruna na yi ina koyar da Hausa, a zamaninmu tafireta ba ta da waɗannan haruffa, sai an gama bugawa a bi da biro ana yi wa kowane ƙugiya. Ba mu ce a bar su ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka fara buga ta a Zariya, masu ɗab'i na wancan lokaci sun ɗauki Hausa da daraja. Yanzu da na'ura ta fi ƙarfi sai a ce mu ne za mu rage wa harshenmu haruffa don waya ta ji daɗi?

Ɗan Kurmi: Allah ya huci zuciyar Baba. Amma wannan misalin rabinsa laifin raba kalma ne, da an rubuta "ba ta" a rabe ai da ba a ruɗe ba.

Baba Garba: Wanda ya yar da ƙugiya, shi ne zai tsaya raba kalma? To bar wannan. "An yi fada a fada." "Ya ga kura a hanya." Kura ce ko ƙura?

Malam Nasiru: Baba ku yi haƙuri, kafin mu yi nisa, maganar kuɗin nan ba a amsa mini ba.

Bashir: Afuwan Malam. Tes na waya yana da hanyoyin ɗaukar rubutu biyu. Na asali, wanda ake kira GSM, yana ɗaukar haruffa 160 a saƙo guda, amma jerin haruffansa gajere ne, an tsara shi ne don harsunan yammacin Turai, babu ko ɗaya daga masu ƙugiya. Da zarar harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin ya shiga, waya sai ta mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa hanya ta biyu, UCS-2, inda kowane harafi ke cin wuri fiye da ninki biyu. A nan saƙo guda haruffa 70 kawai yake ɗauka. In kuma rubutun ya wuce saƙo guda, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana cire mata ɗan wuri don a rubuta yadda za a haɗa su, sai ya rage 67.

Na ƙirga sanarwarku, da tazara da aya da waƙafi haruffa 152 ne. Ba ƙugiya, saƙo ɗaya ne, har da ragowar wuri. Da ƙugiya kuwa, biyu suna ɗaukar 134, ragowar 18 sai sun shiga na uku. Haruffa biyar ne masu ƙugiya a ciki, amma ko ɗaya ne haka lissafin zai fito. Iyaye nawa kuke tura wa?

Malam Nasiru: 180.

Bashir: To saƙo 540 aka caje ku a maimakon 180.

Malam Nasiru: Innalillahi. Ni da na ɗauka kamfanin layi ne ya ƙara kuɗi ba sanarwa.

Sadiya: Yaya Bashir, ni akwai abin da ya taɓa ɗaure mini kai. Na rubuta tes babu ƙugiya ko ɗaya, amma lambar da ke gefe ta faɗo daga 160 zuwa 70. Me ya jawo?

Bashir: Akwai 'yan ko 'ya'ya a ciki?

Sadiya: Akwai "'yan ajinmu".

Bashir: Shi ne. Alamar da ke gaban y iri-iri ce. Miƙaƙƙiya `'` tana cikin jerin GSM. Lanƙwasasshiya `’` ba ta ciki, kuma wasu kibod da kuma Word su ke sauya ta da kansu. In kin kwafo rubutu daga Word zuwa tes, ki bi ki mayar da su miƙaƙƙu. Mu a Najeriya da muke rubuta 'y mun ma huta da harafi ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar ƴ suke rubutawa, shi ma kuma akwati yake zama a irin waɗannan wayoyi.

Auwalu Fam Santa: Injiniya, na yarda da maganar filashin, in manhaja iri ɗaya aka mayar. Amma ni na sha gyara wannan a tsofaffin Android. Ana yi wa wayar rutin, wato a buɗe wuraren manhajarta da kamfani ya kulle, a shiga `/system/fonts` a zuba font mai haruffan, shi ke nan.

Bashir: Gaskiya ne, ana yi. Sai dai zuba shi kaɗai ba ya isa, sai ko dai ka maye gurbin wanda ke ciki da sunansa, ko ka ƙara sunan sabon a jerin da wayar ke dubawa idan font na farko ya gaza. A Android 4 jerin yana nan:

```
/system/etc/fallback_fonts.xml
```

In ka yi kuskure a wannan fayil, ko ka bar izinin font ɗin ba daidai ba, waya na iya tsayawa a tambarin kamfani ta ƙi ƙarasawa. Kai kana da kwamfutar da za ka tashe ta. Malam Nasiru ba zai tara iyaye ya ce kowa ya kawo waya a yi mata rutin ba.

Auwalu Fam Santa: Wannan haka ne. Kuma gaskiya yanzu ba a cika kawo su ba, masu Android 4 sun yi ƙaranci tun da WhatsApp ya daina aiki a kansu.

Bashir: Tun 2023 ke nan, lokacin da aka ce sai 5.0 zuwa sama. Kuma a daidai nan matsalar ta ragu dama. Font ɗin Android, Roboto, ya fito ne a 2011 tare da Android 4.0, da haruffa kaɗan. A Android 5.0 na 2014 aka faɗaɗa shi ya ɗauki haruffan boko na harsuna da yawa. Shi ya sa wanda duk ke cikin zauren nan yana ganin ƙ da ɗ, har ya ɗauka kowa ma yana gani. Waɗanda abin ya rage wa su ne masu ƙananan wayoyi, kuma su ne dattawa da matan gida da 'yan kasuwar da suka fi son batirin da zai kwana uku. Su ne kuma ake tura wa tes.

Kabiru: Ni tambayata, ta yaya ake rubuta su a laftof? Ina rubuta furojet, malamina ya ce in ba ƙugiya ba zai karɓa ba.

Sadiya: Kabiru ba wannan ake tattaunawa ba, amma ka sa kibod ɗin Hausa a Windows, ko ka sauke Keyman. Abin da zan gargaɗe ka kawai, kada ka yarda a shagon buga takardu a sa maka tsohon font ɗin nan da ake danna q ya fito ƙ, x ya fito ɗ, v ya fito ɓ. A takarda yana kyau. Ranar da ka tura wa malamin fayil ɗin ya buɗe a wayarsa, "qasar Hausa" da "xalibai" zai gani.

Baba Garba: Ashe daga nan q ɗin nan ta samo asali. Jikokina duk "qalau" suke rubuta mini, har da "haqqi".

Bashir: Wani ɓangare daga nan ne Baba, wani kuma dabarar masu waya ce kawai. Waɗancan font ɗin dabara ce ta lokacin da kwamfutoci ba su gama karɓar Unicode ba. An ɗauki gurbin haruffan da Hausa ba ta amfani da su aka zana namu a kai. Akwai ma wanda ya hau kan alamomi, shi ya sa a wasu tsofaffin rubuce-rubuce a intanet za ku ga `}asa` da `]aya` da `~arawo`. Kishiyar matsalar Malam Nasiru ce. A nasa lambar daidai ce zanen ne babu, a wancan zanen daidai ne lambar ce ta wani harafi.

Mubarak: To ni abin da ban gane ba, ƙaramar wayar kakata tana nuna Larabci tsaf, har da wasu harsunan da ban san su ba. Larabci da ke da wuyar zane ya samu shiga, Hausa da haruffa uku kacal suka bambanta ta da Turanci ta rasa?

Auwalu Fam Santa: Kasuwa ce ɗan'uwa. Wanda ba zai iya karanta wayarsa ba sam ba zai saya ba. Mu kuwa muna saye, mu rubuta "kudi" mu wuce. Akwai ma wadda na gani an sa mata Hausa a jerin harsuna, amma duk rubutun cikinta ba ƙugiya ko ɗaya.

Bashir: Ƙari a kan haka, waɗannan wayoyi ma'ajiyarsu 'yar mitsitsiya ce, font ɗin a cikin manhajar aka gina shi, ba fayil ba ne da za ka sauya. Mai haɗa ta yana zaɓar rukunin haruffa ne, ya ɗauki wannan ya bar wancan. Namu kuma ba su zauna a rukunin da kowa ke ɗauka ba. Ba sababbi ba ne, tun farkon shekarun 1990 suke cikin Unicode, amma a warwatse:

```
ƙ U+0199   Ƙ U+0198
ɗ U+0257   Ɗ U+018A
ɓ U+0253   Ɓ U+0181
```

Ku duba lambobin. Manyan uku da ƙaramin ƙ suna rukuni guda, Latin Extended-B. Ƙananan ɗ da ɓ kuwa suna can rukunin IPA Extensions, na alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana font in ya ga sunan wannan rukuni sai ya ce na malaman jami'a ne, ya tsallake, bai san cewa da su miliyoyin mutane ke rubuta ɗa da ɓera ba.

Sadiya: Wallahi wannan ya warware mini wani abu. Akwai shafin da nake karanta labarai, ƙ tana fitowa daidai da sauran rubutun, amma ɗ da ɓ sai su fito sirara kamar an aro su daga wani wuri.

Bashir: Aro su ɗin aka yi. Font ɗin shafin ba shi da su, sai wayarki ta ɗauko daga nata ta cike gurbin. A tsohuwar wayar da ba ta da inda za ta aro, akwati za a gani a wurin. Masu shafi su ne ke da cikakken magani a hannunsu, domin shafi yana iya tafiya da font ɗinsa. Su zaɓi wanda ke da haruffan duka, kamar Noto Sans ko Andika ko Charis SIL, kuma kafin su yarda da shi su gwada da jimla mai ɗauke da shida ɗin nan, manya da ƙanana, a rubutu mai kauri da na gicciye ma.

Ɗan Kurmi: To ga sulhu. Ni a kibod ɗina in na danne d akwai đ, in na danne k akwai ķ, kuma na gwada a ƙaramar wayar shagonmu sun fito ba akwati. A riƙa amfani da su mana, Baba ya samu ƙugiyarsa.

Baba Garba: Wannan ba ƙugiya ba ce, sanda ce aka gicciya wa d.

Bashir: Sun fito ne don suna rukunin haruffan Turai da wayar ta ɗauka. đ na Kuroshiya da Biyetnam ne, ķ na Latbiya. Matsalarsu biyu. Ba sa cikin jerin GSM, don haka kuɗin Malam Nasiru sau uku ɗin nan yana nan. Sannan in ka ajiye suna da đ, ranar da wani ya nemi Ɗanladi ko ɗalibi da harafin gaskiya a rajista, ba lallai na'ura ta gano shi ba, domin a wurinta haruffa ne mabambanta. Gara d zalla da wannan.

Hajiya Binta: Ni fa tun daga bikin nan na koma saƙon murya. Ba akwati ba tambaya.

Malam Nasiru: Hajiya ai masu ƙananan wayoyin ba sa samun saƙon murya, shi ya sa muke tes. Da kowa na WhatsApp da ban sha wannan wahala ba.

Mubarak: A yi sikirinshot a tura hoto.

Auwalu Fam Santa: Mubarak yau dai ba ka tare da mu. Wayar da ba ta karɓar murya ce za ta karɓi hoto?

Malam Nasiru: To Malam Bashir, in kai ne a kujerata, me za ka yi ranar Alhamis in zan sake turawa?

Bashir: Raba jerin zan yi gida biyu. Masu WhatsApp a tura musu da cikakkiyar ƙa'ida, ba ruwansu da 160 ko 70, kuma wayoyinsu suna nunawa. Masu tes kuma a rubuta musu ba ƙugiya, da miƙaƙƙiyar alama a 'ya da 'yan, a duba lambar gefe ta nuna saƙo ɗaya kafin a tura. Inda cire ƙugiya zai kawo ruɗani sai a sauya kalmar. A sanarwarku "karfe hudu" da "kudin jarrabawa" ba wanda zai ɓata a kansu, za ma ku iya sa 4:00. "Za mu yi baki" ce kaɗai mai ɗan nauyi, sai ku ce "manyan malamai za su zo daga Dorayi". In wayarku tana da zaɓin `Input mode` a saitin saƙonni, ku kula, wasu in an sa su a `GSM alphabet` alamar tambaya suke sa wa harafin da ba su sani ba, irin abin da ya sami Hajiya. Ku cire ƙugiyar da hannunku ya fi.

Baba Garba: Ban yarda ba. Makaranta ce fa. Yaro zai ɗauki wayar ubansa ya ga malaminsa ya rubuta "kudin", gobe ka ce masa kuskure ne a jarrabawa? Kuma in kowa ya bi wannan shawara, yaushe masu haɗa wayar za su san muna buƙata? Auwalu da bakinsa ya faɗa, shirunmu ne ya sa ba su damu ba.

Bashir: Baba, ba na musu da ku a kan ƙa'ida. Amma abin da yaron zai gani a wayar ubansa in an bi taku ba "kuɗin" ba ne, "ku□in" ne. Wannan bai koya masa komai ba, uban kuma bai san ƙarfe nawa ne taron ba.

Baba Garba: To a sa alama ko yaya. A da wasu suna rubuta k' da d' da b'. Aƙalla mai karatu ya san akwai wani abu a wurin.

Sadiya: Wannan zai shiga GSM kuwa, in da miƙaƙƙiyar alama ce. Haruffa biyar za su ƙaru, 157, bai kai 160 ba.

Bashir: Lissafinki daidai ne. Damuwata da shi ita ce alamar tana da aikinta a Hausa, kamar a sa'a da ma'ana da jama'a. Mu da muka saba za mu gane "bak'i" da "hud'u", amma dattijon da da ƙyar yake haɗa boko zai iya tsayawa a tsakiyar kalma. Kuma ba a taɓa daidaitawa ba, wani gaba yake sa ta, wani baya.

Ɗan Kurmi: Masu littattafan soyayya a intanet shekara da shekaru da k' da d' suke rubutu, mata kuma suna karancewa har asuba. Ba wadda ta tsaya a tsakiyar kalma.

Hajiya Binta: Ɗan Kurmi ka kiyaye mu.

Malam Nasiru: Na gwada abin da Malam Bashir ya ce. Na je gidan dattijon bayan la'asar, na turo saƙon daga wayarsa zuwa tawa, ya dawo da ƙ da ɗ ɗinsa cif. Na kuma tura masa gwaji biyu, ɗaya ba ƙugiya, ɗaya da alamar da Baba ya ce. Ya karanta duka biyun, ya ce shi na farkon ya fi masa sauƙi, matarsa kuma ta ce na biyun ya fi kama da Hausa. Zan kai wa shugaban makaranta duka ya zaɓa.

Baba Garba: Ka gaya masa in bambancin kuɗin ne, a riƙa gajarta sanarwar ta tsaya a 70. Rabin abin da kuke rubutawa gaisuwa ce.

Bashir: Ko ta tsaya a 70 Baba, akwatin yana nan.

Auwalu Fam Santa: Malam Nasiru, in ka koma ka duba mini sunan wayar da lambarta a ƙarƙashin batir. Ina so in gwada irinta cikin sababbin da aka kawo, in ga ko har yanzu haka suke zuwa.